Awo, Jimla da Harɗewa a Ajin Fiziks

A fuskar kalkuleta irin ta 'yan makaranta akwai wata siririyar leda mai launin toka, manne da gilashin da lambobi ke fitowa. In kalkuletar ta mutu, ana iya sa reza a ɗago gefen ledar, a ɓare ta a hankali, a goge danƙon da sifirit. Malamin fiziks da ya tara irinta guda uku ya sami kayan aikin da zai buɗe wa ɗalibansa ƙofar kimiyyar kwantam, wadda ke bayanin halayen ƙananan abubuwa irin su ilektron da ƙwayar haske. Ya kuma sami abin da zai gwada kalmomin Hausar da yake shirin faɗa musu, tun kafin su zauna a kawunansu.

Gwajin ya zama dole saboda yadda aji yake a zahiri. Littafi da Turanci yake, jarrabawar WAEC da ta NECO ma haka, a Nijar kuwa Faransanci ne. Amma in malami ya ga idanu sun yi zuru-zuru, sai ya ajiye alli ya ce, “To, bari in yi muku da Hausa.” Abin da ya faɗa a cikin minti biyar ɗin nan shi ne yaro zai tafi da shi gida. Yaran ma sukan zo da nasu bayanin, wanda suka tsinto a waya: wai abu yana iya zama a wuri biyu a lokaci guda, wai kallon abu yana canza shi, wai ƙwaya biyu suna magana da juna daga nesa. Duk maganganun nan uku sun taso ne daga kalmar da aka zaɓa da gaggawa.

Ga aikin ledar. Haske yana tafiya ne yana kaɗawa, kaɗawar kuma a gicciye take da hanyar tafiyarsa. Tana iya zama a tsaye, ko a kwance, ko a karkace. Hasken rana da na tocila sun ƙunshi kowace fuska, ita kuwa ledar fuska ɗaya take da ita. A haɗa biyu a ɗaga su wajen taga, a riƙa juya ɗaya: za a zo inda haske ke wucewa sosai, in an ƙara juyawa da digiri 90 kuma wurin ya yi baƙi ƙirin. A nan ya kamata a sa maka a ja layi a kan kowace, domin fuskar ledar kalkuleta ba lalle ba ne ta bi gefenta, sau da yawa a karkace aka yanko ta. Yanzu ga biyu a gicciye, ta farko a tsaye, ta ƙarshe a kwance, babu abin da ke wucewa. Sai a zura ta uku a tsakaninsu, a karkata ta da digiri 45.

Haske ya dawo.

Lissafin ba shi da wuya, kuma tsoho ne, tun a 1809 Bafaranshen nan Étienne-Louis Malus ya fitar da shi: I = I₀ cos²θ, inda θ take nufin kusurwar da ke tsakanin fuskar hasken da fuskar ledar. A digiri 45 rabi ne ke wucewa, a digiri 90 sifiri. A ɗauka ƙwayoyin haske 800 ne suka taso daga tocila. Kimanin 400 za su tsallake leda ta farko, kuma duk a tsaye za su fito. In ta kwance ce a gabansu, a nan tafiyarsu ta ƙare. In akwai ta karkace a tsakani, kimanin 200 za su wuce ta, daga cikinsu kuma kimanin 100 su wuce ta kwancen. Da ledar gaske abin da ido zai gani bai kai haka ba, saboda kowace tana shanye wani abu ko da fuska ta dace, amma bambancin duhu da haske ba ya ɓoyuwa.

Kalmar farko da ke faɗuwa a wannan gwaji ita ce wadda ta fi saurin zuwa baki. Kowa zai kira ledar mataci, ya ce tana tace haske. Yarinyar da ta taɓa tankaɗe ta san aikin rariya: gari ya sauka, tsaki ya tsaya a sama, kuma tun kafin a zuba, tsakin tsaki ne, garin gari ne. Ta kuma san cewa ƙara rariya a tsakanin wasu biyu ba zai taɓa sa abin da ke sauka ya ƙaru ba. A nan kuwa an ƙara, abin ya tashi daga sifiri zuwa 100. Ke nan ledar tsakiya ta yi wani aikin da ya wuce tantancewa. Ƙwayar da ta shige ta a tsaye, in ta fito, a karkace take fitowa, tsayuwarta ta dā ta tafi. Ana iya ci gaba da cewa mataci, don suna ne mai sauƙi, amma sai bayan ɗalibai sun ga da idonsu inda sunan ya gaza.

Wannan shi ya kawo maganar awo. A bakin Bahaushe, awo aiki ne na gano abin da yake nan. Tela ya auna kafaɗa, mai hatsi ya auna tiya, malamar asibiti ta auna jini, har zuwan mai ciki asibiti ma awo ake ce masa. A duk waɗannan, adadin yana nan zaune, ma'auni ya zo ya karanta shi ne kawai, kuma in tela ya auna tsawo ya koma ya auna faɗi, tsawon bai motsa ba. Kalmar Turancin ma wannan kayan take ɗauke da shi, ba laifin Hausa ba ne. John Bell, ɗan Ireland ta Arewa da ya yi aiki a CERN, ya rubuta maƙala sukutum a 1990 yana sukar wannan kalma, har ya nemi a daina amfani da ita a kimiyyar kwantam, saboda tana sa mutum ya zaci sakamakon yana nan tun farko yana jiran a zo a gani. Ba a daina ba. Malamin Hausa ma ba shi da dalilin ƙirƙiro wata kalma da ɗalibi ba zai tarar a ko'ina ba. Awo ya zauna, amma kada a bar shi shi kaɗai. Kullum a faɗi fuskarsa: awon tsaye da kwance daban, awon karkace daban, kuma yin na biyu yana shafe sakamakon na farko.

Mafi hatsari su ne kallo da dubawa da lura, waɗanda littattafai da yawa suka jawo da suka riƙa maganar “mai lura”. Da zarar an ce kallo yana canza abu, yaro ya tafi wajen kambun baka da maita, ko kuma ya ɗauka tunanin mutum ne ke juya duniya. Amsar tana hannun malami. A sa ɗalibai su rufe ido, ko a fita a bar ledojin uku a taga: ta tsakiya za ta ci gaba da aikinta babu mai kallo. Abin da ke kawo canjin shi ne haɗuwar ƙwayar haske da na'ura. Gwaji kuma, ko da yake ana cewa gwajin jini, gara a ajiye shi ga dukan aikin da ake yi a ɗakin kimiyya, kada kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu.

Akwai wata gaskiya da malami nagari ba zai ɓoye ba. Duk abin da aka gani a taga, tsohon ilimin haske ma yana iya bayaninsa, shi ya sa Malus ya yi lissafinsa kusan shekara ɗari kafin a san da kwantam. In haske kaɗawa ce zalla, sai a ce rabin ƙarfinta ya wuce, magana ta ƙare. Matsalar tana tasowa ne daga darasin da ɗaliban aji uku na babbar sakandare suka riga suka yi, wato bayanin Einstein na 1905 cewa haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa. Ƙwayar ita ce ake kira foton. In aka rage haske har ya zama foton ɗaya ke isowa a lokaci guda, na'urar da ke bayan leda ba ta taɓa kama rabin foton. Ko ya wuce dungurungum, ko ledar ta shanye shi dungurungum. Rabin nan na Malus sai ya koma yiwuwa: cikin foton 100 masu yanayi iri ɗaya sak, kimanin 50 za su wuce, kuma babu lissafin da zai nuna wanne. Da wannan misalin Paul Dirac ya buɗe littafinsa na 1930.

To, foton da ke karkace da digiri 45, me za a ce da shi game da tsaye da kwance? Nan ne kalma ta biyu, wadda ta fi ba malamai wahala. Asalin kalmar Turancin daga Latin yake, ma'anarta ɗora wani abu a kan wani. In aka fassara ta kai tsaye aka ce ɗorawa, za a ga abu biyu, na sama da na ƙasa, alhali foton ɗaya ne. In aka ce “a tsaye yake kuma a kwance a lokaci guda”, an faɗi maganar da hankali ba ya ɗauka, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa zai daina sauraro, mai haddar kuma ya haddace shirme. In aka ce “ko a tsaye yake ko a kwance, mu ne ba mu sani ba”, an faɗi magana mai ma'ana, sai dai kuskure ce.

Kuskuren nan na ƙarshe shi ne kalmomin gauraye da cakuɗa ke shigo da shi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin gauraye wani abu ne na gaske a fiziks, yana da nasa matsayin. A ɗauki haske biyu. Na farko foton 100 ne, 50 a tsaye, 50 a kwance, an hautsina su. Wannan gauraye ne, kalmar ta dace da shi ɗari bisa ɗari. Na biyu foton 100 ne, kowanne a karkace da digiri 45. A sa wa kowanne leda a tsaye: kimanin 50 za su wuce a nan, kimanin 50 a can, babu yadda za a bambanta su. Yanzu a juya ledar zuwa digiri 45. Na gaurayen har yanzu kimanin 50 ne, domin na tsaye da na kwance duk rabi-rabi suke wucewa. Na biyun kuwa duka 100 za su wuce. A ƙara juyawa zuwa digiri 135: gauraye yana nan a 50, na biyu ya koma sifiri. Malamin da ya kashe kalmar gauraye a kan haske na biyu ba shi da abin da zai kira na farko, kuma ya toshe wa ɗalibi hanyar fahimtar bambancin da dukan darasin ya rataya a kai.

Hausa tana da hanyar faɗin abin da ake nufi, a cikin sunayen shiyyoyi huɗu da abin da ke tsakaninsu. Mutumin da ya nufi arewa maso gabas ba ya tafiya arewa da gabas a lokaci guda kamar an tsaga shi biyu, ba kuma ruɗewa ya yi tsakaninsu ba. Hanyarsa ɗaya ce miƙaƙƙiya, ya san inda ya dosa. Sai dai mai zane yana iya rubuta tafiyar tasa da kibiya biyu, kaza zuwa arewa, kaza zuwa gabas, ya haɗa su ta fito. Arewa maso yamma ma haka take, rabon iri ɗaya ne, alamar kibiya ɗaya ce ta koma ta ragi, kuma wannan alamar ita ce bambancin digiri 45 da 135. Wani abin da ya fi wannan muhimmanci: a haɗa arewa maso gabas da arewa maso yamma, arewa tsantsa za ta fito. Wato foton da ke tsaye shi ma haɗin karkace biyu ne. Babu wani yanayi da aka ware aka ce shi ne mai ban mamaki, magana ce ta fuskar da aka zaɓa a yi awo. Misalin yana da iyaka, tabbas. Matafiyi ba ya gamuwa da shingen da zai mai da shi arewa zalla ko ya haɗiye shi, kuma akwai hasken da kaɗawarsa ke juyi, wanda wannan zane ba ya iya ɗauka. Ga ajin sakandare dai ya wadatar.

Sunan da za a rubuta a allo fa? Gamayya da haɗaka suna da daɗin faɗa, kunne ya saba da su a labarai, gamayyar ƙungiyoyi, haɗakar jam'iyyu. Sai dai kowace ƙungiya da ke cikin gamayya tana nan da shugabanta da mutanenta, wannan kuwa gauraye ne ya sake riga. Tsaka-tsaki tana nuna wanda ya ƙi ɗaukar ɓangare. Kalmar da ta fi tsayuwa a gaban gwaji ba ta da kwarjini ko kaɗan: jimla, ta ajin lissafi. Biyar jimlar biyu da uku ce, jimlar ɗaya da huɗu ce kuma, amma ba wanda ya taɓa cewa biyar “biyu ce kuma uku ce a lokaci guda”. Jimla abu ɗaya ce tabbatacciya, ana iya rarraba ta ta hanyoyi da yawa, tana kuma karɓar ragi, yadda wani sashe zai iya kashe wani. Abin da lissafin kwantam ke yi ke nan, haɗa yanayi da alamar tarawa. Ɗaliban sun ma taɓa gamuwa da shi a darasin igiyar ruwa da sauti, inda tudu ya haɗu da kwari suka shafe juna. Sai a ce jimlar yanayi: yanayin foton na karkace jimla ce ta tsaye da kwance. Malamin Hausa da ke ajin gaba zai ce shi jimla a wurinsa zance ne mai aikau da aikatau. Ba komai, kalmar ta daɗe tana aikin nan biyu ba a yi faɗa ba.

Kalma ta uku tarihinta sananne ne. A 1935 Einstein da Boris Podolsky da Nathan Rosen suka fitar da takarda a kan ƙwaya biyu da suka taɓa haɗuwa suka rabu, suna ganin abin da lissafi ke faɗa a kansu ya nuna ilimin bai cika ba. A wannan shekarar Erwin Schrödinger ya raɗa wa abin suna. Kalmar da ya ɗauko a Jamusanci ta yau da kullum ce, ita ake faɗa in mutum ya naɗe hannuwansa a ƙirji ko ya saƙa yatsunsa cikin juna. Bahaushe a nan cewa yake ya harɗe hannu, ya harɗe ƙafa.

Kafin a yanke hukunci, ga abin da ake son sunan ya ɗauka. A ɗakin gwaji ana haska leza a kan wani irin ƙiristal, jefi-jefi foton ɗaya ya zama biyu. Ana iya shirya abin yadda in aka aika ɗaya gabas, ɗaya yamma, aka tare kowanne da leda mai fuska iri ɗaya, kullum amsarsu ɗaya ce: ko duka su wuce, ko duka su tsaya. Haka abin yake a kowace kusurwa aka sa ledojin, muddin kusurwar ɗaya ce. Amma wanda ke zaune a gabas shi kaɗai, duk yadda ya juya ledarsa, rabi ne ke wucewa, ba tsari, ba fuskar da ta fi wata. Fotonsa ba shi da fuskar kansa. Biyun a haɗe ne suke da yanayi, yanayin kuma jimla ce: “duka a tsaye” a tara da “duka a kwance”. Shi ya sa tsarin koyarwa ke da muhimmanci, wanda bai riƙe jimla ba ba zai riƙe wannan ba.

Kowane aji yana da yaron da zai ɗaga hannu a nan ya ce, “Malam, ai tagwaye ne. Tun daga inda suka fito iri ɗaya aka yi su, ina abin mamakin?” Kada a raina wannan tambaya, kusan ita ce ta Einstein. Bell ma ya yi mata misali da safar abokin aikinsa Reinhold Bertlmann, wanda ba ya sa safa biyu masu launi ɗaya: in ka ga ta ƙafa ɗaya ruwan hoda ce, nan take ka san ɗayar ba ruwan hoda ba ce, ba tare da wani sihiri ba. Saboda haka tagwaitaka kalma ce mai jan hankali, kuma ita ce ba za a ɗauka ba. Tana cewa kowanne ya taso da amsarsa a aljihu. Tana kuma jawo camfe-camfen da ake yi game da baiwar tagwaye, wanda ajin fiziks ba ya bukata.

Yadda ake nuna gazawarta bai fi ƙarfin ɗan aji biyu ba, kuma sauƙaƙƙen nau'i ne na hujjar da Bell ya kawo a 1964. A fara da ledoji biyu a tsaye. Cikin tagwayen foton 100, saɓani sifiri. A juya ta gabas da digiri 30 zuwa dama, a bar ta yamma: gwaji yana ba da saɓani kimanin 25 cikin 100. A mai da ita, a juya ta yamma da digiri 30 zuwa hagu: kimanin 25 kuma. Yanzu a juya duka biyun, tazararsu ta zama digiri 60. In da gaske kowane foton da amsoshinsa ya taso, kuma juya ledar gabas ba ya shafar abin da ke faruwa a yamma, to juyin gabas ya sauya amsa 25, juyin yamma ya sauya 25, saɓanin ba zai wuce 50 ba. Zai ma iya kasawa, domin in sauyi biyu suka faɗa kan tagwaye ɗaya sai su koma daidai. Lissafin kwantam yana cewa saɓanin sin²θ ne. A digiri 30 kashi ɗaya cikin huɗu, ya yi daidai da 25 ɗin. A digiri 60 kashi uku cikin huɗu, wato 75.

Tsakanin 50 da 75 babu sulhu, sai gwaji ya raba gardama. John Clauser da Stuart Freedman sun yi irinsa a 1972, Alain Aspect da abokan aikinsa suka ƙara tsaurara shi a Faransa a 1982, a 2015 aka toshe manyan kafofin shakka da suka rage, a 2017 kuma tauraron ɗan'adam na Sin mai suna Micius ya raba irin waɗannan foton tsakanin tashoshi biyu masu tazarar kusan kilomita 1,200. Kusurwoyin da suka yi amfani da su sun bambanta da na allo, amma kowane karo lissafin kwantam ne ya yi nasara. Aspect da Clauser da Anton Zeilinger sun karɓi kyautar Nobel ta 2022 a kan wannan aiki.

Tagwaitaka ta fita ke nan, saura 'yan gidan sarƙa. Sarƙewa ba ta da laifi sosai, kuma mai yiwuwa ita da yawa za su fara ɗauka. Sai dai sarƙa tana da jiki, in an ja wannan baki wancan zai motsa, yaro zai zana waya tsakanin foton biyu. Sarƙaƙiya kuwa a bakin mutane ta zama sunan duk al'amarin da ya dagule, shari'a mai sarƙaƙiya, siyasa mai sarƙaƙiya, ɗalibi zai ji kamar an ce masa abin ba ya fahimtuwa, ya haƙura. Ƙulli yana da ƙanshin asiri. Harɗewa ta fi su tsabta: ba ta da waya, ba ta da tsafi, tana da siffa mai sauƙin faɗa, harɗaɗɗun foton, tana kuma da akasi a shirye, warwarewa, wanda ake bukata domin awon farko yana warware harɗin, kowane foton ya koma da fuskar kansa. Rauninta shi ne ana harɗe abubuwan da ke taɓa juna ne, waɗannan kuwa suna iya yin nisan kilomita dubu. Don haka tana bukatar bayani ɗaya a gefenta a allo, da kalmar da kowa ya sani daga gado da kasuwanci: tarayya suka yi a yanayi ɗaya, ba wanda ke da nasa kason a ware.

Tambayar da takan biyo baya ita ce ko za a iya aika saƙo ta wannan hanya, ya riga haske isa. Amsar tana cikin takardun sakamakon. Mai zama a gabas yana rubuta “ya wuce, bai wuce ba, bai wuce ba, ya wuce”, kusan rabi-rabi. In na yamma ya juya ledarsa digiri 30, ko 60, ko ya cire ta ya tafi cin abinci, takardar gabas ba ta nuna wata alama, rabi-rabi ne dai ba tsari. Shi na yamman ma ba shi da ikon zaɓar abin da fotonsa zai yi, balle ya cusa saƙo a ciki. Ana ganin 25 ɗin nan da 75 ne kawai in an kawo takardun biyu an jera su layi-layi, kawo su kuwa sai da waya ko mota, waɗanda ba su fi haske gudu ba. Saboda haka duk aikatau ɗin da ke nuna aike, irin su “ya sanar da ɗan'uwansa”, “ya ji a jikinsa”, “ya umarce shi”, gara a bar su a waje. Malami yana iya raba ajin biyu, ya ba kowane ɓangare jerin sakamakon da ya shirya tun a gida, ya tambaye su ko wani zai iya faɗin kusurwar ledar ɗaya ɓangaren daga takardarsa kaɗai, sannan ya sa su haɗa takardun su ƙirga saɓanin.